Laraba a bakin ramin kwalbati

Ruwan da aka soma tun bayan isha'in Talata bai ɗauke ba sai da aka kira assalatu. Ina kwance a gidana a Unguwar Dosa ina jin sa a kan kwano, amma hankalina yana can bakin wani rafi a ƙaramar hukumar Igabi, inda muke gina kwalbati a kan hanyar burjin da manoma ke fito da masara. Ni ne injiniyan ɗan kwangila a wurin. Mun haƙa rami, mun zuba 'yar shimfiɗar kankare a ƙasa, masu ɗaurin rodi kuma sun gama ɗaure rodin gindi tun Litinin. Abin da ya rage kafin mu zuba kankare shi ne injiniya mai sa ido, na ma'aikatar da ta ba da aikin, ya zo ya duba rodin ya sa hannu. Mun ajiye da shi ranar Alhamis, ƙarfe 10 na safe. Sai da na yi mako biyu ina bin sa kafin in sami wannan ranar, don ayyukan da ke hannunsa sun yi masa yawa.

Ana sallame sallar asuba na kira heluma. Ya ce, "Lafiya lau, Injiniya. Ɗan ruwa ne ya taru, yanzu za mu kwashe." Na san mutumin, ba maƙaryaci ba ne. Amma na kuma san ba a biyan yaransa cikon kuɗinsu sai an zuba kankare, kuma wanda ke jiran kuɗi kowane ruwa ɗan ruwa ne a wurinsa. Na ce wa direba ya fito da mota, yau Laraba zan je in gani da idona, kada in ja dattijon nan mai sa ido gobe zuwa abin da ban sani ba.

Ƙarfe 7 da 'yan mintuna muka hau gadar Kawo. Gari ya yi luf, sama ta yi fari fat irin na malkar Agusta, wadda ba ka sanin ko ta gama ko hutawa take yi. Muka wuce Cibiyar Malamai ta Ƙasa da filin baje-koli, muka ratsa Rigachikun, ruwa kwance a gefen titi, 'yan Keke suna kewaye shi kamar masu tsoron a taɓa musu sabon ɗinki. A Mararraban Jos muka tsaya tsakanin tirelolin da suka kwana a wurin, muka sha shayi da burodi a tsaye. Mai shayin ya ce direbobin da suka fito ta Saminaka da dare sun ce ruwa bai bar su ba tun daga Pambeguwa. Wannan maganar ta fi shayin amfani a wurina, domin rafinmu daga gabas yake kwaso ruwansa. Ko da a ce babu ɗigo a wurin aikin, ruwan da aka yi a sama zai iso mana.

Muka karya dama muka bi titin Pambeguwa. Masara ta yi bunƙasa hagu da dama, shinkafa a fadamu ta nutse har wuya. Bayan mun yi tafiya mai ɗan nisa, a yankin da ake ratsewa zuwa dam ɗin Kangimi, muka sauka daga kwalta muka kama burji. Kilomita huɗun farko jar ƙasa ce mai tsakuwa, mota tana tafiya tana wutsil-wutsil amma tana tafiya. Sai muka iso mashigi.

Da rani wannan mashigin yashi ne kawai, akuya ma ba ta jiƙa kofato. Ranar nan ruwa ja wur yake gudu, yana ɗauke da karan masara da rassan itace. Mutane sun taru a gaɓa biyu, wasu da buhuna a kan babura. Wani saurayi ya tattare wando ya shiga da sanda, ruwan ya kai masa gwiwa, kuma na ga yadda yake karkata jiki yana tokarewa kafin ya ɗaga ƙafa. Gwiwar mutum wajen santimita 50 ce daga ƙasa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, idan ya kai 60 har manya yakan tafi da su. Direbana ya dube ni ya ce, "Oga, in ka ce in shiga zan shiga." Na ce ban ce ba. Motarmu mai tsayi ce, ta mai sa ido kuwa ƙaramar mota ce ta gida wadda cikinta ke kusa da ƙasa. Na ɗauki hoton saurayin a tsakiyar ruwa, na rubuta lokaci a littafina: 9:05.

Wani dattijo da ke zaune a kan buhun taki ya ce, in ba a ƙara ruwa a gabas ba, zuwa la'asar zai ja baya, gobe da hantsi yaro ma ya haye. In kuwa aka ƙara, sai dai a yi ta zama. Na riƙe maganarsa, kwana ɗaya cur bayan ruwa mai ƙarfi, don daga baya ta shiga lissafina. Muka bar direba da mota, na hau acaɓa muka yi zagaye ta wani ƙauye mai tsohuwar kwalbati, tafiyar kusan minti 40 a hanyar shanu. Sau biyu ina sauka muna tura babur.

Tun daga nesa na hango kawuna biyu suna ɓullowa suna nutsewa a bakin ramin. Lebura biyu ne a ciki, ruwa ya kusa kai musu gwiwa, suna kwasa da kwanon sarki suna miƙo wa na sama. Ko sallama ban gama ba na ce su fito. Suka tsaya suna kallon heluma. Na ce, "Ku fito yanzu, ta gangaren can, kada wanda ya bi ta tsani." Suka fito suna gunaguni.

Ramin tsawonsa mita 9, faɗinsa mita 5, zurfinsa mita 2.6. Bakinsa biyu, na sama da na ƙasa, mun tare su da buhunan yashi, rafin kuma mun karkatar da shi ta wata 'yar hanya a gefe. Bangon kudu tun farko mun kwantar da shi, don ta nan ake gangarawa da baro. Bangon arewa kuwa a tsaye aka yanke shi, tamkar da wuƙa, kuma duk ƙasar da aka haƙo a bakinsa aka tara ta, tsibi guda da ya fi ni tsayi. Wannan laifina ne kafin ya zama na kowa. Ƙa'idar da aka koya mana, wadda OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta rubuta kuma littattafan aiki da yawa suke maimaitawa, ita ce ramin da ya kai mita ɗaya da rabi ba a barin bangonsa a tsaye babu tokari, kuma ƙasar haƙa a janye ta aƙalla santimita 60 daga baki. Na san wannan. Amma lokacin da aka haƙa an sami kwana huɗu babu ruwa, jar ƙasar ta yi tauri har diga na tashin wuta, na ce ai kwana kaɗan ne za mu rufe. Kwana kaɗan ɗin sun zama 12.

Na zaga ta bayan tsibin ƙasar, ban taka kusa da baki ba. A can gefen da tsibin ya ƙare na ga abin da nake tsoro: tsaga a ƙasa, tana tafiya daidai da bakin ramin, wajen santimita 70 daga bakin. Ciyawa ta ɗan rufe ta, in ba ka sunkuya ba sai ka ce sawun baro ne. Na bi ta da tef, mita 4 na iya gani kafin ta shige ƙarƙashin tsibin. Na karɓi guntun rodi na zura, ya shige fiye da mita ɗaya ban danna ba, ya fito da laka a jiki.

Heluma ya ce, "Injiniya, wannan ai jar ƙasa ce. Shekara 20 ina aikin rami, jar ƙasa ba ta faɗuwa."

Na ja shi muka koma gefen kudu, inda ake ganin fuskar bangon gaba ɗaya. Gaskiyarsa rabi ce. Mita ɗaya da rabi na sama jar ƙasa ce mai ƙarfi. Amma daga nan zuwa ƙasa launin ya sauya, ya koma toka-toka, yumɓu ne gauraye da yashin rafi. A daidai inda biyun suka haɗu ruwa na tsattsafowa, yana gangarowa a hankali kamar gumi. Can ƙasa kuma, inda ruwan ramin ke taɓa bango, ƙasar ta zaizaye ta yi ɗan kogo, hannu zai shige har gwiwar hannu. Wato jar ƙasar da yake taƙama da ita tana zaune ne a kan abin da ke narkewa, an ɗora mata tsibin ƙasa jiƙaƙƙiya a ka, ruwan sama kuma yana shiga ta tsagar yana tura ta daga baya. Muna tsaye muna magana wasu 'yan ɓarɓashi suka gangaro suka faɗa ruwa, ɗis, ɗis. Babu wanda ya taɓa su.

Na yi masa lissafi a bayan takardar buhun siminti. Abin da ke tsakanin tsaga da baki, in ya ɓalle, yanki ne mai faɗi a sama mai tsini a ƙasa: rabin 0.7, sau zurfi 2.6, sau tsawo 4. Ya ba da kubik mita uku da rabi da ɗoriya, kuma kowace mita ɗaya ta jiƙaƙƙiyar ƙasa ta haura tan ɗaya da rabi. Kusan tan 6 ke nan, ban sa tsibin da zai biyo baya ba. Na ce masa ya ƙaddara buhun siminti 120 ne suka sauko lokaci guda. Ba sai ƙasa ta rufe mutum har ka ba. In ta kama shi zuwa ƙirji, duk numfashin da ya fitar sai ta ƙara matsewa, ba ya iya jawo wani.

Duk da haka ban so in kira kowa da "ina ganin" a bakina ba. Tsaga tana iya zama tsohuwa wadda ta tsaya. Na sa aka fere turaku biyu, muka kafa ɗaya a kowane gefen tsagar, na miƙa hannu daga baya ina kwance a kan katako, muka buga ƙusa a kan kowanne. Na auna tsakanin ƙusoshin: santimita 30 daidai, ƙarfe 11:20. Muka koma inuwar rumfar siminti, matar mai gadi ta kawo mana dafaffiyar masara. Ƙarfe 12:20 na sake aunawa, 30.6. Milimita 6 cikin awa ɗaya, babu ruwan sama, babu mota kusa. Na miƙa wa heluma tef ɗin ya auna da kansa. Ya auna sau biyu, ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya ce wa yaransa su kwashe baro da shebur daga wannan gefen.

Wanda bai san aikin ba zai ce, to mai sa ido ya zo ya tsaya a sama ya leƙa mana. Duban rodi ba a yin sa daga sama. Sai ya sauka ya tsuguna, ya auna kaurin rodin ya ga milimita 16 ɗin da zane ya ce ne ba 12 ba. Sai ya ɗora tef ya ga tazarar santimita 20 ce tsakanin rodi da rodi, ya duba inda aka haɗa biyu ya ga sun hau juna santimita 80. Sai ya leƙa ƙarƙashi ya ga 'yan guntayen kankaren nan da muke kira biskit sun ɗaga rodin santimita 5 daga shimfiɗa, don in rodi ya kwanta a ƙasa ruwa zai same shi ya yi tsatsa cikin 'yan shekaru. Rodin da zai hau bango kuwa a gefe-gefe yake, ma'ana mai sa idon zai yi wajen rabin awa a tsugune a gindin bangon arewa, ni ina riƙe masa bakin tef, mai ɗaurin rodi yana bayanmu. Kuma ko da bangon lafiyarsa ƙalau, rodin yana ƙarƙashin ruwa da laka. Kankare ba ya kama rodi mai laka. Da ya zo ma ba zai sa hannu ba.

Soke ranar bai ba ni wahala ba. Abin da na zauna na yi wa tunani shi ne ranar da zan ba shi a madadinta. In ka kira mai sa ido ka ce "a ɗaga sai wani lokaci", ka koma ƙarshen layi, wataƙila sai bayan sati uku. In kuma ka faɗi rana don kawai ka faranta masa, ka sake sokewa, daga nan maganarka ta zama ta yara. Don haka na koma kan takardar buhu.

Ƙasar da ruwa ke tsattsafowa daga jikinta ana ɗaukar ta a matsayin mafi rauni, kuma kwantar da ita yana nufin kowace mita ɗaya ta zurfi a ja baya mita ɗaya da rabi. Zurfin 2.6 zai ci mita 3.9 daga baki. Rabin 2.6 sau 3.9 sau tsawon mita 9, wajen kubik mita 45 na ƙasa. Tsibin da ke baki na ƙiyasta shi 30, kuma shi za a fara kwashewa, daga bayansa, a kai shi nesa. Jimla 75. Katafila ba za ta iya shigowa ba, mashigin da ya hana motata ba zai bar babbar motar da ke ɗauko ta ba, saboda haka aikin hannu ne. Heluma ya ce a irin wannan laka, da diga da shebur da baro, kada in sa wa mutum ɗaya fiye da mita biyu da rabi a wuni. Yana da mutum 12, wato 30 a rana. Alhamis 30. Juma'a rabin wuni ce, 15. Asabar 30. Lahadi kusan rabin yaran suna coci, sauran ma jiki zai yi tsami, na bar ta fanko don ta shanye abin da ruwa zai ɓata mana. Litinin a zuƙe ruwa, a kwashe ƙasar da ta zubo, a wanke rodi da buroshin waya, a gyara wanda ya lanƙwashe, a mayar da biskit. Talata in dawo in duba. Laraba mai sa ido.

Heluma ya so a kunna injin zuƙar ruwa nan take. Ruwan santimita 40 ne a ramin 9 sau 5, lita 18,000, injinmu mai bakin inci uku ba zai yi awa guda ba ya gama. Na hana. Ruwan da ke cikin ramin yana ɗan tokare gindin bangon. In ka zuƙe shi farat ɗaya, ruwan da ke cikin ƙasar bai sami lokacin fita ba, yana nan yana turowa, kai kuma ka cire abin da ke tare shi. Sau da yawa bango yana faɗuwa ne bayan an zuƙe, lokacin da kowa ya saki jiki ya sauka. Na ce a bar ruwan sai an kwantar da bango, sannan a zuƙe a hankali, injin kuma a sama zai zauna, ba a sauke shi ciki hayaƙinsa ya taru. Yankan ma daga sama za a fara, mataki-mataki, mutane suna tsaye bayan tsagar, babu mai shiga ƙasa ko hularsa ce ta faɗa.

Babu sabis a bakin rafin. Na taka zuwa tudun da makarantar firamare take, na tsaya kusa da sandar tuta inda 'yan ƙauyen ke tsayawa in za su yi waya. Ogana na fara kira, don bai kamata ya ji daga bakin ma'aikata ba. Bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja: an riga an biya kafin alƙalamin hayar injin kwaɓa kankare na Juma'a, buhun siminti 70 suna zaune a rumfa cikin danshi, kuma takardar neman biyansa ba za ta motsa ba sai da wannan sa hannun. Ya ce, "Ba za ka ɗauki hotuna ka kai masa ofis ya sa hannu ba? Ko ya zo ya tsaya a sama, ku ɗan lallaɓa?" Na ce, "Alhaji, hoton me zan ɗauka, rodin yana cikin ruwa. In kuma bangon nan ya sauko da mutumin gwamnati a ƙasa, ba injin kwaɓa za mu yi asara ba." Na karanta masa awon ƙusoshin. Ya yi shiru, sannan ya ce in sa a ɗora simintin a kan katako a lulluɓe da leda, shi zai yi magana da mai injin.

Sannan na kira mai sa ido. Dattijo ne, ya kusa ritaya, ba ya son dogon zance.

"Ranka ya daɗe, barka da rana. Ina wurin aiki yanzu haka. Ina roƙon a soke zuwan gobe."

"Rodin ne ba ku gama ba?" Ya ɗauka irin uzurin da ya saba ji ne.

"Rodi an gama tun Litinin, yallaɓai. Bangon arewa ne ya tsage, tsawon mita 4, na sa turaku na auna, ya buɗe milimita 6 cikin awa ɗaya. Ruwa santimita 40 a ciki. Na fitar da kowa. Mashigin hanya kuma ya kai gwiwa, motarka ba za ta haye ba."

"An tokare bangon?"

"Ba a tokare ba, yallaɓai. A tsaye muka bar shi. Kuskurena ne."

Ya ja numfashi, na ji yana buɗe takardu. Ya ce, "To yaushe?"

Na ce Laraba mai zuwa, ƙarfe 10, na bi masa kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Na ce da sharaɗi: in aka yi ruwa mai ƙarfi daga yammacin Talata zuwa wayewar gari, ranar ta tashi, domin mashigin yana son kwana ɗaya ya sauka, ramin kuma sai an sake duba shi bayan kowane ruwa kafin mutum ya shiga. Zan kira shi Talata ƙarfe 4 daga wurin, in kuma sake kira Laraba ƙarfe 7 kafin ya bar gida. Ya ce Alhamis yana da taro a ma'aikata, in Laraba ta ƙi sai Litinin ta sama. Na ce na karɓa. Safiya na zaɓa da gangan, don hadarin wannan lokacin ya fi haɗuwa da yamma, kuma babu mai son magariba ta same shi a hanyar daji a wannan yankin. Ya ce, "Ka rubuto min. Abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba."

A nan gindin sandar tuta na rubuta, na tura masa ta WhatsApp, na sa wa ogana kwafi:

"Ranka ya daɗe. Kamar yadda muka yi magana yau Laraba da ƙarfe 1:15, an soke duban rodin gindin kwalbati na gobe Alhamis. Dalili: bangon arewa na ramin (zurfi mita 2.6) ya tsage kuma yana motsi, ruwa ya kwanta a kan rodin, mashigin hanya ya cika. An hana kowa shiga ramin. Za mu janye ƙasar da ke baki, mu kwantar da bangon, mu zuƙe ruwa, mu wanke rodi zuwa Litinin. Sabuwar rana: Laraba mai zuwa, ƙarfe 10 na safe, in ba a yi ruwa mai ƙarfi a daren Talata ba. In an yi, Litinin ta sama. Zan tabbatar maka Talata ƙarfe 4. Ga hotuna uku: tsagar da tef a kai, ruwan ramin, da mashigin."

Hotunan sai da na kai kwalta suka tafi. Na kuma kwafe saƙon a littafin wurin aiki, heluma ya sa hannu a ƙasa.

Kafin in tafi na biya gidan mai unguwa. Rami cike da ruwa a bakin hanya, a lokacin hutun makaranta, gayyata ce ga yara, ga kuma shanun da ke bi ta nan da yamma. Zaren ja-da-fari da muke kewayawa da shi akuya ma ba ta ganin girmansa. Mai unguwa ya ce zai sa a faɗa a masallaci bayan la'asar, ya kuma ba mu samari biyu suka saro ƙaya aka jera a gefen hanya. Mai gadi na ce masa ya mayar da tabarmarsa wajen rumfa, ya daina kwana a gindin tsibin ƙasa don yana tare masa iska.

Da muka dawo mashigi wajen ƙarfe 3, ruwan ya sauka zuwa ƙauri, kamar yadda dattijon ya faɗa. Direba ya yi barci ya tashi ya sayi rake. Muna isa Rigachikun gabas ta yi baƙi ƙirin, kafin Kawo an kece.

Bangon bai faɗi ranar Alhamis da ƙarfe 10 ba. Ogana ya tabbatar na ji wannan. Da yammacin ranar, suna cikin janye tsibin, wani yanki kamar rabin abin da na lissafa ya sulale ya danne rodi bakwai na gefe, babu kowa a ƙasa. Ruwan Asabar ya cinye mana rabin wuni, Lahadin da na bari fanko ta biya shi da mutum shida. Talata na koma, na sauka ta sabon gangaren ina tafiya a tsaye ba tare da na dafa ba, na kira daga gindin sandar tuta ƙarfe 4 da minti 10. Da dare na yi ta duba hasashen NiMet ina leƙa taga. Yayyafi kawai aka yi.

Ranar Laraba mai sa ido ya zo a motarmu, don na ce kada ya wahalar da tasa. Ya tsaya a sama ya daɗe yana kallon bangon kafin ya sa hular kwano ya sauka. Minti 35 ya yi a ciki. A kusurwar arewa maso gabas, inda aka miƙe rodin da ƙasa ta danne, ya zura yatsu a ƙarƙashi ya ce biskit uku sun ɓace, rodin santimita 2 kawai ya tashi. Ya zauna a kan baro ya jira aka saka su, ya sake aunawa, sannan ya ce in ba shi biro.